Kwarin da Ƙanƙara Ta Haƙa, Ta Kuma Ɓoye Gindinsa

Da tsakar daren 24 ga Yuli, 1908, wajen ƙarfe biyu da rabi, wasu leburori 'yan Italiya suka tayar da nakiya a ƙuryar wani rami da suke haƙawa cikin duwatsun ƙasar Suwizalan. Hanyar jirgin ƙasa ake fasawa, wadda ake kira Lötschberg, kuma sun riga sun kutsa fiye da kilomita biyu da rabi daga bakin ramin da ke kusa da garin Kandersteg. Sun saba in nakiya ta tashi a jira ƙura ta lafa, a kwashe fasassun duwatsu, a ci gaba. A wannan dare, da bangon ya fashe sai laka da yashi da tsakuwa da ruwa suka kwararo da ƙarfin gaske, suka cike ramin fiye da kilomita guda cikin 'yan mintoci. Mutum 25 suka rasu.

Da gari ya waye aka ga ƙasa ta lotsa a can sama, a tsakiyar wani kwari mai suna Gastern, inda kogin Kander ke bi. Tsakanin shimfiɗar kwarin da ramin akwai kimanin mita 170. Masanan da suka duba wurin kafin a fara aiki sun ƙiyasta cewa yashi da tsakuwar da ke kwance a kwarin ba su da wani kauri, saboda haka za a sami aƙalla mita 100 na dutse tsantsa a kan ma'aikatan. Ashe kwarin da ido ke gani rabin labari ne. Ainihin gindinsa yana can ƙasa da ramin ma, an cike shi da tarkace har baki.

Lissafin da suka yi ba na jahilai ba ne. Da a ce ruwa ne ya haƙa kwarin, da sun yi daidai. Kogi ba ya iya haƙa ƙasa fiye da mafitarsa, domin da zarar ya yi rami mai zurfi sai ruwan ya tsaya cik, ya rasa ƙarfin ɗaukar yashi, ramin ya cike. Duk wanda ya kalli kwazazzabon da ruwan damina ke ci a bayan gari ya san haka: gangarowa yake yi daga farko har ƙarshe. Ƙanƙara kuwa tana iya haƙa kwano a cikin dutse, ta hau ta fita ta ɗaya gefen. Daga wannan bambancin aka sami yawancin manyan tafkunan Turai da Arewacin Amurka.

Ƙanƙarar da ke tafiya

Mu da muka san ƙanƙara a cikin firiza ko a hannun mai sayar da zoɓo, da wuya hankalinmu ya karɓi cewa tana gudana. In ka buga ta da guduma fashewa take yi. Amma yawa yana sauya ɗabi'ar abu.

A kan dogayen duwatsu akwai wuraren da dusar ƙanƙarar da ta zuba a lokacin sanyi ba ta gama narkewa kafin wani sanyin ya zagayo. Ta bana sai ta hau kan ta bara. Nauyin ta sama yana matse ta ƙasa, yana fitar da iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta, har bayan shekaru ta zama dunƙulalliyar ƙanƙara mai shuɗi-shuɗi, wadda kowace mita guda tsawo da faɗi da kauri take da nauyin kusan kilo 900. Idan kaurin tarin ya kai 'yan gomman mitoci, ta ƙasan sai ta fara bajewa a hankali, kamar malmalar tuwo mai zafi da aka ajiye a faranti. Saman yana nan da taurinsa, shi ya sa yake tsagewa ya bar ramuka masu haɗari, amma cikin yana malala zuwa gangare. Wannan shi ne kogin ƙanƙara. Idan kuma ta yi yawa har ta rufe ƙasa baki ɗaya, tudu da kwari, kamar yadda take yau a Greenland da Antarctica, sai a ce shimfiɗar ƙanƙara.

An gane tafiyarta ta hanya mai sauƙi. A 1827 wani masani, Franz Josef Hugi, ya gina 'yar bukka a kan kogin ƙanƙarar Unteraar. Bayan shekara goma da ɗoriya aka tarar bukkar ta gangara fiye da kilomita guda daga inda aka kafa ta. Wato kimanin mita 100 a shekara, ƙasa da taku ɗaya a yini. Hawainiya ma ta fi ta sauri. Sai dai ita ba ta hutawa, kuma tana da lokaci.

Lokacin ya samu ne daga sauye-sauyen yanayin duniya. A cikin shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce, sanyi da ɗumi sun yi ta karɓa-karɓa, kuma a kashin baya na wannan zamani kowane zagaye yana ɗaukar wajen shekara 100,000. Abin da ke kaɗa zagayen shi ne 'yan canje-canje a yadda duniya ke karkata da yadda take kewaya rana, waɗanda ke rage zafin bazara a ƙasashen arewa har dusar ƙanƙara ta riƙa kwana. Sanyi na baya-bayan nan ya kai ƙololuwa shekara 20,000 da 'yan kai da suka wuce. A lokacin, ruwan da ya daskare a kan tudu ya yi yawan da sai da teku ya ja baya da kimanin mita 120.

Abin da mafarauci ya gani

A kwarin Bagnes, cikin yankin Valais na Suwizalan, an yi wani manomi mafarauci mai suna Jean-Pierre Perraudin. Yana yawon farauta a kan duwatsu ya lura da wasu zane-zane a kan falalen dutse, dogaye, miƙaƙƙu, duk sun nufi gangaren kwarin. Ya san irinsu a bakin kogin ƙanƙara, inda ta ja baya ta bar dutsen a fili. Amma ga su kuma a nesa, a wuraren da ba wanda ya taɓa jin an ce ƙanƙara ta kai. Ya yanke cewa a dā ta cike kwarin har zuwa garin Martigny. A 1815 ya gaya wa Jean de Charpentier, shugaban ma'adinan gishiri na Bex, shi kuwa ya ɗauki zancen shirme.

Bayan shekara uku ƙanƙarar da ke zubowa daga Giétro ta toshe kogin wannan kwari, tafki ya taru a bayanta. Aka turo injiniya Ignaz Venetz, ya sa aka fasa hanya a cikin ƙanƙarar don rage ruwan. An rage, amma a watan Yuni na 1818 sauran katangar ta ɓalle, ambaliya ta kashe mutane fiye da 30. Zaman da Venetz ya yi a yankin ya haɗa shi da Perraudin, ya duba da idonsa, ya gamsu. Shi ya shawo kan Charpentier, Charpentier kuma ya zagaya da Louis Agassiz ya nuna masa alamomin a 1836. A shekarar da ta biyo baya Agassiz ya tsaya gaban taron masana a Neuchâtel ya ce an yi zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe babban ɓangare na Turai. Sunan Agassiz ne ya shiga littattafai, kamar yadda aka saba, amma idon mafaraucin ne ya fara gani.

Hujjar da ta fi wuyar musu tana bayan garin Neuchâtel ɗin. Akwai wani ƙaton dutse da ake kira Pierre à Bot, girmansa ya kai na gida, yana zaune a gefen tsaunukan Jura. Jura dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi. Wannan baƙo kuwa giranit ne na yankin Mont Blanc, fiye da kilomita 100 daga nan, kuma tsakaninsu akwai faffaɗan fili mai gangare. A dā ana cewa wata gagarumar ambaliya ce ta kawo irinsa. Amma ruwa in ya mirgina dutse yana goge masa kusurwoyi ya mai da shi kamar ƙwai, kuma ba ya hawa da shi tudu. Waɗannan baƙin duwatsu da kusurwoyinsu suke. A bayan ƙanƙara aka goyo su, aka sauke.

Yadda take cin dutse

Ƙanƙara ita kaɗai ba ta da taurin da za ta karce dutse. Mai karatu zai iya gwadawa: ka goga dunƙulen ƙanƙara a kan daɓen siminti, ba abin da za ka gani sai jiƙa. Amma ka zuba yashi da 'yar tsakuwa a gindin kofi, ka cika da ruwa, ka daskarar, sannan ka danna ka ja a kan daɓen. Za ka ji ƙara, ka ga fararen layuka. Gindin kogin ƙanƙara haka yake, cike da duwatsun da suka maƙale a ciki, daga ƙwayar yashi har mai girman mota. A ƙarƙashin kauri mita 1,000, kowace murabba'in mita tana ɗauke da nauyin kusan tan 900. Manyan duwatsun su ne ke barin zanen da Perraudin ya gani, ƙananan kuma su goge falalen ya yi sumul. Abin da ke fita daga wannan niƙa gari ne mai laushi ƙwarai, wanda ba ya saurin kwanciya a ruwa. Shi ya sa kogunan da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙanƙara suke fari-fari kamar ruwan tsari, tafkunansu kuma suke da wani shuɗi mai ratsin kore.

Niƙa dai aikin a hankali ne. Hanya ta biyu ta fi ɓarna, wato ɓamɓara. Kowane dutse yana da tsaguwa. Idan ƙanƙara ta zo haye wani tudun dutse, a gefen da ta tunkara matsin yana ƙaruwa, shi kuwa matsi yana sa ƙanƙara ta narke ko da sanyin ya ɗan wuce na daskarewa. Ruwan sai ya zagaya bayan tudun, inda matsin ya ragu, ya shiga tsaguwar dutsen ya sake daskarewa. Wanda ya taɓa mantawa da kwalbar lemo a firiza ya san abin da ke biyo baya, domin ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Haka kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙarar yana hawa da sauka tsakanin rana da dare, tsakanin bazara da sanyi, yana jijjiga tsaguwar har ta buɗe. Ƙarshe dai gutsuren ya rabu da uwarsa, ƙanƙara ta tafi da shi, ya zama sabon haƙorin da za ta karce na gaba.

Wannan ya bar wata alama da ke nuna inda ƙanƙara ta nufa ko bayan dubban shekaru. Za ka ga tudun dutse, gefe ɗaya sumul mai sauƙin hawa, ɗaya gefen a tsaye, kaca-kaca kamar an gutsura. Gefen sumul shi ne inda ta fito.

Akwai sharaɗi guda, kuma shi ne ke bayyana abin da kan rikita mutane. Duk wannan aiki sai gindin ƙanƙarar yana da ruwa, yana zamewa. Inda take siririya kuma sanyi ya tsananta, daskarewa take yi ta manne da dutsen, samanta yana malala amma gindin bai motsa ba. Irin wannan tana iya zama shekara dubbai ba ta ci komai ba, sai ma ta kāre ƙasar daga iska da ruwa. Inda take da kauri kuwa, kaurin yana riƙe ɗumin da ke fitowa daga cikin ƙasa kamar bargo, gogayya ta ƙara nata, gindin ya narke. To ina ta fi kauri? A cikin kwarin da kogi ya riga ya fara. Can za ta fi gudu, ta fi ci, kwarin ya ƙara zurfi, ƙanƙarar ta ƙara kauri, ta ƙara ci. Shi ya sa a Norway za ka ga tudu shimfiɗaɗɗe wanda kusan ba a taɓa shi ba, a gefensa kuma ga Sognefjord, kwarin da teku ya shiga, mai tsawon kusan kilomita 200 da zurfin da ya kai mita 1,300.

A bi kwarin Rhône

Kogin Rhône yana fitowa ne daga wani kogin ƙanƙara a gabashin Valais, wanda tsawonsa yau bai wuce kilomita takwas ba. A ƙololuwar sanyin baya, wannan ƙanƙara ta cike kwarin Valais gaba ɗaya, ta haɗu da na kwaruruwan gefe, ta fito fili ta ci karo da tsaunukan Jura, ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya nufi arewa maso gabas har wajen Solothurn, ɗaya ya bi ta inda birnin Geneva yake ya shiga Faransa ya doshi Lyon. Wurin da Geneva take yau yana ƙarƙashin ɗaruruwan mitoci na ƙanƙara.

Abu na farko da matafiyi zai lura da shi a kwarin shi ne siffarsa. Kogi a gindin kwari kawai yake ci, kamar zarto, gefen kuma ya riƙa zubowa, sai a sami siffar harafin V, kwarin yana lanƙwasa yana kauce wa duk dutsen da ya fi ƙarfinsa. Ƙanƙara tana cike kwarin ne har wuya, tana gogar gindi da haƙarƙari lokaci guda, kuma ba ta iya kwana mai tsanani. Duk hancin dutsen da ya shigo hanya sai ta datse shi. Sakamakon shi ne kwari miƙaƙƙe, mai faɗin gindi da bango a tsaye, kamar harafin U, ko kamar cikin kwalekwale.

Abu na biyu shi ne kwaruruwan gefe. A ƙasar da ruwa ya sassaƙa, ƙaramin rafi yana haɗuwa da babban kogi a daidai wuri ɗaya, ba tsalle. A nan kuwa babbar ƙanƙara ta haƙa ƙasa sosai, ƙananan na gefe ba su da nauyin yin haka, ko da yake samansu ɗaya ne lokacin da suke haɗe. Da suka narke sai aka bar ƙananan kwaruruwan a rataye can sama. Kusa da Vernayaz, ƙasa kaɗan da Martigny, rafin Salanfe yana faɗowa daga tsayin fiye da mita 100 kafin ya iso shimfiɗar kwarin. Maƙwabcinsa Trient ya fi shi ruwa, don haka ya samu ya yanka matsattsen kwazazzabo a cikin matakalar, ya sauko.

Abu na uku ba a ganinsa, kuma shi ne ya kashe ma'aikatan Lötschberg. Martigny tana kan tsayin kimanin mita 470 daga teku, a kan fili mai gonakin 'ya'yan itace. Da aka auna ƙarƙashin filin ta hanyar aika girgiza cikin ƙasa a saurari dawowarta, sai aka tarar tarkacen da ya cike kwarin a wannan yanki ya kusa kilomita guda. Ma'ana ainihin dutsen gindin yana ɗaruruwan mitoci ƙasa da teku, a tsakiyar duwatsun da suka fi ko'ina tsawo a yammacin Turai. Gaba kaɗan, a Saint-Maurice, dutse mai tauri ya taso ya matse kwarin har kogi da titi da layin dogo suna cunkuso a wuri guda. Bayan wannan mashigi gindin ya sake nutsewa zuwa kwanon tafkin Geneva.

In an tambaya ko lokaci ya isa a yi wannan aiki, lissafin ba wuya. Kogunan ƙanƙara na waɗannan duwatsu suna cin abin da ya kai milimita guda a shekara, kaurin farce ke nan. A shekara 100,000 ya zama mita 100. A maimaita zagayen sau da yawa, a kuma tuna cewa inda ƙanƙara biyu suka haɗu, kamar a Martigny, ko inda dutsen yake da rauni, cin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Yadda kwano ke samuwa, da inda yake tsayawa

Saura tambayar da ta raba kan masana shekaru da yawa: in ƙanƙara ta niƙa dutse a gindin rami, wa ke kwashe garin ya hau da shi? In ba a kwashe ba, ai niƙa ta tsaya, kamar dutsen niƙan da ba a share ba.

Ita kanta ƙanƙarar tana iya hawa tudu, domin abin da ke tura ta shi ne gangaren samanta. Muddin saman ya fi tsawo a baya, nauyin zai tura ta gindin ta haye abin da ke gabanta. Ruwan da ke ƙarƙashinta ma haka. Ba a sake yake kamar kogi ba, a matse yake cikin hanyoyi kamar bututu. Wanda ke da tankin ruwa a kan rufi ya san bututu yana iya sauka ƙasa ya bi ta ƙarƙashin tsakar gida ya sake hawa bene, ruwa kuma ya fito da ƙarfi. Haka ruwan narkewa ke wanke gindin kwanon, ya hau da yashi da laka ya fitar.

Amma abin yana da iyaka. Yayin da ruwan ke hawowa daga zurfi, matsin da ke kansa yana raguwa, kuma ruwan da matsi ne ya hana shi daskarewa sai ya fara daskarewa. Idan hawan ya yi tsayi da yawa in aka gwada da gangaren saman ƙanƙarar, hanyoyin sai su toshe, tarkace ya kwanta ya rufe dutsen, ci ya tsaya. Shi ya sa kwanukan nan suke da tsari iri ɗaya: gangare mai tsanani a inda ƙanƙara ta shigo, hawa mai sauƙi a inda ta fita. Sognefjord ma, duk zurfinsa, bakinsa wajen teku bai fi mita 200 ba.

Andrew Ramsay na Birtaniya ne ya fito a 1862 ya ce ƙanƙara ce ta haƙa kwanukan tafkunan Suwizalan. Manyan masana da dama suka ƙi, cikinsu har da Albert Heim na Zurich, wanda ya san duwatsun ƙasarsa kamar tafin hannunsa amma ya tafi a kan cewa ƙarfin ƙanƙara bai kai nan ba. Musun yana nan da ransa lokacin da aka zana hanyar Lötschberg.

Da ɗumi ya dawo ƙanƙara ta janye, ruwa ya cike kwanukan. Tafkin Geneva yana da tsawon kimanin kilomita 73, samansa yana mita 372 daga teku, zurfinsa ya kai mita 310, kuma ƙarƙashin wannan akwai laka mai kauri kafin a taɓa dutse. Wasu tafkunan sun sami ƙarin katanga. A inda bakin ƙanƙara ya daɗe a tsaye, duk abin da ta ɗauko a nan take zubarwa, manya da ƙanana a cakuɗe, har ya zama tudu mai siffar kofaton doki. Tsohon birnin Zurich a kan irin wannan tudu yake, a bakin tafkinsa, haka ma tuddan da suka kewaye kudancin tafkin Garda a Italiya. Cakuɗewar ita ce shaida, domin ruwa tankaɗe yake yi, ya ajiye tsakuwa daban, yashi daban, laka daban.

A Arewacin Amurka shimfiɗar ƙanƙara ce ta yi aikin, ta bi tsofaffin kwaruruwa da wuraren da dutse ke da laushi. Saman tafkin Superior yana mita 183 daga teku, zurfinsa ya wuce mita 400. Sai dai kada a ɗora wa ƙanƙara komai. Tanganyika tsagewar ƙasa ce ta yi shi, tafkin Chadi kuma faffaɗar lotsawa ce marar zurfi. Ko tafkin Como na Italiya, mai zurfin fiye da mita 400, akwai hannun kogi a ciki: kusan shekara miliyan shida da suka wuce Bahar Rum ya ƙafe ƙwarai, koguna suka yanka kwazazzabai masu zurfi suna bin sa, daga baya ƙanƙara ta zo ta faɗaɗa abin da ta tarar.

Tafkunan nan kuma ba masu dawwama ba ne. Rhône yana shiga tafkin Geneva da ruwa mai duhun laka, ya fita a birnin Geneva garau. Abin da ya bari a ciki yana cike kwanon daga sama. A dā tafkin ya kai kusa da Saint-Maurice, yau akwai fili na kimanin kilomita 20 tsakaninsu. Ƙananan kwanuka tuni suka cike suka zama makiyaya, ba wanda zai ce an taɓa yin rami a wurin. Gastern ɗaya ne daga cikinsu.

Mu ma muna da rabonmu a labarin, amma daga wani zamani mai nisa ƙwarai. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, yankin da yake Sahara a yau yana kusa da ƙuryar kudancin duniya, shimfiɗar ƙanƙara ta rufe shi. A tsaunukan Djado na arewa maso gabashin Nijar, da kudancin Aljeriya, akwai shimfiɗun dutse masu ɗauke da dogayen layukan da ta bari, ana ganinsu a tsakiyar zafin hamada. Ta haƙa kwaruruwa a can ma, yashi ya cike su ya zama dutse, kuma a Aljeriya da Libiya masu haƙar mai suna bin sawun waɗannan binannun kwaruruwa domin a cikinsu ake samun mai da iskar gas.

A Lötschberg an dakatar da aiki wata da watanni. Da aka huda shimfiɗar Gastern daga sama don a ga abin da ke ciki, aka wuce mita 200 ana fito da yashi da tsakuwa. Sai aka gina katanga mai kauri aka toshe ɓangaren da ya cike, yawancin mamatan suna ciki. Aka sake zana hanyar ta lanƙwasa gabas, ta haye ƙarƙashin kwarin can sama inda dutse yake da tabbas, abin da ya ƙara mata kusan mita 800. An buɗe ta a 1913 da tsawon kilomita 14.6, kuma jiragen da ke ɗaukar motoci daga Kandersteg zuwa Goppenstein har yau wannan kwanar suke bi.